An hana ni izinin buɗe makaranta don kada in karya wa wasu kasuwa: kotu za ta saurare ni?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Ina da gida a bakin wani layi, na nemi izinin hukumar tsara gari don mayar da shi makarantar firamare, aji shida. Na biya kuɗin fom, na kai zanen gini, an zo an auna. Bayan wata biyar takarda ta fito, an ƙi. Dalili uku suka rubuta. Wai layin ya yi ƙunci kuma babu wurin ajiye mota; wai mazauna unguwa sun kawo koke mai sa hannun mutum 140; sannan wai akwai makarantu biyu a unguwar, buɗe ta uku zai shafi kuɗin shigarsu. Abin da ya fi ƙona min rai, na haɗa musu da yarjejeniyar hayar filin da ke jikin gidan, shekara biyar, wanda zai ɗauki mota 18. Ko a layi ɗaya ba a ambaci filin nan ba. Yau kwana 26 da karɓar takardar. Masana shari'a na gidan nan, akwai abin yi ko in rungumi ƙaddara?

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Malam. Ni ɗalibin lauya ne, aji huɗu, kuma wallahi wannan a tafin hannunka take. Shari'ar Wednesbury ce sak. Duk hukuncin da ya saɓa wa hankali kotu na soke shi. Mutum ya kawo filin mota 18 a ce babu fakin, wane hankali ne zai ɗauka? Ka shigar da ƙara kawai, alƙali zai ba ka izininka.

Barista Hadiza: Ɗanjuma, sannu da ƙoƙari, amma ka tuna wa ya ci waccan shari'ar? Hukumar ce. Gidan silima ne a garin Wednesbury na Ingila aka ba izinin buɗewa ran Lahadi da sharaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shiga, suka kai ƙara, kotu ta ce hukumar garin tana da hurumin duba tarbiyya da lafiyar yara. Ƙofar "ya saɓa wa hankali" ƙarama ce ƙwarai, da wuya a shiga ta nan. Kuma alƙali ba ya ba da izinin gini, zan dawo kan wannan.

Malam Sani, ƙofar da ta fi maka faɗi wata ce daban. Idan doka ta ba jami'i iko ya ce e ko a'a, ba ta ba shi don ya yi yadda ransa ya so ba. Akwai abin da dole ya ɗora a kan sikeli, akwai abin da haramun ne ya ɗora. Idan ya bar na dole a ƙasa, ko ya ɗora na haram, awon ya lalace ko da a ce sakamakon bai yi muni ba. A cikin ita waccan shari'ar an kawo tsohon misali na malamar makaranta da aka kora saboda gashinta ja ne. Hukuma tana da ikon korar malami, amma launin gashi ba ya cikin abin da aka ba ta ikon dominsa.

To abu na farko da zan nema ba takardarka ba ce, dokar da ta kafa hukumar ce. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka dokar jiharku da ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta za a buɗe. Me ta lissafa a duba kafin a yarda a sauya amfanin gida? Yawanci za ka ga zirga-zirga, tsarin unguwa, lafiya, hayaniya, magudanar ruwa. Daga nan ne za a auna dalilanka uku ɗaya bayan ɗaya.

Malam Sani: Na gode Barista. To ai na ɗaya ƙarya ce tsagwaronta, layin motoci biyu suna wucewa.

Barista Hadiza: Nan ne za ka ji ba daɗi. Faɗin layi da cunkoso suna cikin abin da ya halatta su duba, babu ja. Da zarar abu ya halatta a ɗora shi, nauyin da za a ba shi na hukuma ne, ba na alƙali ba. Idan ka tsaya gaban kotu kana cewa sun zuzuta ƙuncin layi, lauyansu zai yi murmushi kawai.

Akwai shari'ar da ta fito da wannan fili a Ingila a 1995. Kamfanin Tesco yana neman izinin gina babban kanti a garin Witney, ya yi tayin biyan fam miliyan 6.6 don a gina wata hanya da garin ke buƙata. Minista ya duba tayin, ya ce alaƙar hanyar da kantin 'yar kaɗan ce, ya ba shi nauyi kaɗan, izini ya tafi ga wani kamfanin. Tesco suka je har kotun ƙolinsu ta lokacin. Kotu ta ce: ko abu yana da alaƙa da hukunci ko ba shi da ita, wannan tambayar doka ce, tamu ce, amma nawa zai yi nauyi, wannan na mai yanke hukunci ne, yana iya ba shi nauyi mai yawa, yana iya ba shi kaɗan, yana ma iya cewa bai motsa shi ba, muddin dai ya duba kuma bai fita daga hankali ba.

Shi ya sa filin fakin ɗinka ya fi ƙuncin layi amfani a wurinka. Ba za mu ce sun raina filin ba. Za mu ce ba su ma gan shi ba. Sun kafa hujja da rashin wurin ajiye mota alhali takardar da ke amsa wannan tana cikin fayil. Bambancin "sun duba sun raina" da "ba su duba ba" shi ne bambancin faɗuwa da nasara.

Alhaji Bala: Barista, bari in sa baki, shekara 31 na yi ina ɗaukar fayil kafin in yi ritaya. Rashin ambaton abu a wasiƙa ba ya nuna ba a duba shi ba. Wasiƙar da ke fita waje ƙaramin ma'aikaci ke tsara ta daga layi biyu da oga ya rubuta da jan biro. Ainihin maganar tana cikin fayil: rahoton wanda ya je awo, sharhin mai kula da shiyya, sannan bayanin zaman kwamiti. Sau da yawa za ka tarar mai awo ya rubuta, "an ga filin da aka ce na haya ne, amma haya ce mai ƙarewa, ba za a dogara da ita ba." Idan akwai wannan layin, Malam Sani, maganar fakin ta mutu. Sun duba, sun raina, kamar yadda Barista ta ce.

Tambayata gare ka: lokacin da ka kai yarjejeniyar, an buga maka hatimin karɓa a kwafinka?

Malam Sani: Alhaji, an buga a kan wasiƙar da na rufe takardun da ita, kuma wasiƙar ta lissafa abin da ke ciki, yarjejeniyar ce ta huɗu. Amma mai awon ko leƙa filin bai yi ba, ina tsaye. Ya ja tef a ƙofar gida, ya sha ruwa, ya tafi.

Alhaji Bala: To ka riƙe wannan kwafin kamar ƙwai. Ka yi masa hoto, ka ajiye na asali inda ruwa ba ya zuwa. Na ga takardu sun yi ƙafa daga fayil ranar da aka ji sammaci na tafe.

Maman Ummi: Ni dai ku yi haƙuri, ban san doka ba, amma gidana yana kallon wata makaranta. Ƙarfe bakwai na safe ba mai fitar da mota, 'yan adaidaita sun toshe ko'ina, ga ƙararrawa ga ihu. Mutum 140 sun ce ba sa so, ku kuma kuna neman dabarar da za a danne su da turancin kotu. Unguwar tasu ce ko ta lauyoyi?

Barista Hadiza: Maman Ummi, ba wanda ya ce a toshe kunne daga makwabta. Abin da kika faɗa yanzu, toshe hanya da hayaniya da safe, shi ne ainihin abin da dokar tsara gari ke so a ji. Idan abin da koken ya ƙunsa ke nan, hukuma ta yi daidai da ta karanta shi, kuma ita za ta ce nawa ya yi nauyi. Matsalar tana zuwa idan abin da ya motsa hukuma ba abin da aka rubuta ba ne, yawan hannun ne da tsoron fushin masu shi.

Bari in ba ku labarin da ya fi kowanne nuna wannan, ko da yake mai ɗaci ne. A 1993 wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe wani yaro ɗan shekara 2, James Bulger, a yankin Liverpool. Ƙasar ta girgiza. Alƙalin da ya yi shari'ar ya ba da shawarar su yi aƙalla shekara 8 a tsare, Babban Alƙali ya ce 10. A lokacin ministan cikin gida ke da ta cewa ta ƙarshe, Michael Howard, sai ya yanka 15. Cikin abin da ya ce ya duba har da takardar koke mai sa hannun mutum wajen 278,000 da ke neman kada a taɓa sakin yaran, da 'yan takardu fiye da 21,000 da masu karanta jaridar Sun suka yanke suka aiko. A 1997 kotun ƙoli ta soke hukuncinsa. Hujjar masu rinjaye ita ce, a wannan aikin minista yana zaune ne a kujera irin ta alƙali mai yanke wa'adi, kuma alƙali ba ya ƙirga ihun jama'a kan mutum ɗaya ya mayar da shi shekaru. An kuma same shi da barin abin da ya zama dole: su yara ne, dokar da aka tsare su da ita tana so a riƙa duba yadda suke girma da sauyawa, shi kuwa ya rufe wannan ƙofar.

Amma kada a ɗauko wannan a dasa a kan Malam Sani kai tsaye. Can batun 'yancin mutum ne da aiki irin na alƙali. Nan tsara unguwa ne, inda jin ta bakin makwabta ke cikin aikin. Abu ɗaya na iya zama haram a wancan sikelin ya zama halal a wannan. Dokar da ta ba da ikon ce ke raba gardama. Don haka sai mun ga me koken ya ce.

Malam Sani: Na ga kwafinsa a hannun mai unguwa. Sakin layi ɗaya ne kan cunkoso. Sauran duk cewa ni baƙo ne, ba a san asalina ba, kuma ba a san irin aƙidar da zan koya wa yara ba. Shekara 19 ina unguwar nan.

Ustaz Nura: Subhanallah. Malamanmu suna da ƙa'ida a kan wannan tun da daɗewa, cewa tasarrufin shugaba a kan talakawa a rataye yake da maslaha. Wanda aka ba hatimi amana aka ba shi, ba gado ba. Sai dai Barista, batun me za a koya wa yara ai ba ƙaramin abu ba ne. Yaya za a ce hukuma ta kau da kai?

Barista Hadiza: Allah ya gafarta Malam, ba ƙarami ba ne, amma ba a wannan teburin ake yanka shi ba. Manhaja da cancantar malamai na masu rajistar makarantu ne a ɓangaren ilimi, kuma Malam Sani zai je gabansu daban. Hukumar tsara gari an ba ta tef da taswira. Idan ta ari hular ma'aikatar ilimi ta yanke hukunci da ita, ta yi amfani da ikonta a inda ba a aike ta ba. Batun asali kuwa ya fi haka muni, don sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a cuci ɗan ƙasa a aikin gwamnati saboda ƙabilarsa, garin asalinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sai dai lauyansu zai ce sakin layin cunkoso kawai suka ɗauka, sauran ba su kula ba. Mu ne za mu nuna akasin haka, kuma da jita-jita ba a nunawa.

Ɗanjuma: To dalili na uku fa, na kuɗin shigar makarantu, Anti Barista? Ai wannan da bakinsu suka faɗa. Kamar shari'ar Stitch ce ta 1986, matar da ta shigo da Marsandi a 1982 ma'aikata ta riƙe mata lasisin shigo da kaya har harajin kwastan ya tashi daga kashi 33 da ɗoriya zuwa kashi 500, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya.

Barista Hadiza: Yanzu ka zo gida. Waccan ta fi kusa da amfani da iko don wata manufa ta daban, amma 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma tana nuna kotunanmu ma ba sa ɗaukar "ikona ne" a matsayin amsa. Na ukun nan shi ne mafi laushi a takardarsu. Da wuya ka sami dokar tsara gari da ta ce a kare ribar wani ɗan kasuwa daga wani. Da sun ce makarantu uku a layi ɗaya za su tara motoci fiye da ƙima, da ya koma batun zirga-zirga, ya halatta. Amma sun rubuta "kuɗin shigarsu". Wanda ya tsara wasiƙar nan ya yi wa Malam Sani alheri bai sani ba.

Duk da haka akwai tarko. Samun gurɓataccen dalili ɗaya cikin uku ba ya rusa hukunci kai tsaye. Kotu za ta tambaya ko ya yi tasiri na gaske. Idan hukuma ta gamsar da alƙali cewa ƙuncin layi kaɗai ya isa, kuma ko babu sauran a'a za ta ce, hukuncin na iya tsayawa. Shi ya sa ba za a kai hari kan na uku shi kaɗai ba. Sai an haɗa: dalili na ɗaya an gina shi ba tare da duba filin ba, na biyu cike yake da abin da bai halatta ba, na uku ba hurumi. Idan ƙafafu uku duk suna rawa, da wuya su ce ɗaya ta riƙe tukunyar.

Kwamared Iliya: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan rabon da kuke yi kamar a dutse aka sassaƙa shi. Wa ke cewa wannan ya halatta wancan bai halatta ba? Alƙali. Shi kuma mutum ne mai ra'ayi. A 1925 ƙaramar hukumar Poplar a Landan tana biyan ƙananan ma'aikatanta fam 4 a mako, mace da namiji daidai. Manyan alƙalan Ingila suka ce kansilolin sun bar abin da ya kamata su duba, wato farashin ƙwadago a kasuwa, sun bi son gurguzu da son daidaita mata da maza. Yau wanda ya biya mace ƙasa da namiji a can shi ne mai laifi. To ina dokar take? Siyasar alƙali ce aka sa wa riga.

Barista Hadiza: Kwamared, ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Inda doka ta lissafa abin dubawa, aikin alƙali karatu ne. Inda ta yi shiru, sai ya lalubo manufarta, kuma a nan ra'ayin zamani yana shiga, Poplar shaida ce. Abin da ke rage ɓarnar shi ne tsakanin "dole" da "haram" akwai fili mai faɗi na abin da jami'i zai iya dubawa ko ya bari, kuma kotu ba ta taɓa shi a nan sai idan abin ya fito fili ƙwarai har barinsa ya zama wauta.

Kwamared Iliya: "Ya fito fili ƙwarai" a idon wa? Kin dawo da ni inda na tashi.

Alhaji Bala: Ku bar wannan, ba za ku gama yau ba. Mutum yana da kwana 26 a ƙasa.

Barista Hadiza: Gaskiyar Alhaji. Malam Sani, agogo ne babban abokin gabarka. Neman kotu ta duba hukuncin hukuma yawanci cikin wata uku ake yi, kuma dokar kare jami'an gwamnati ma wata uku ta yanka. Hukumomi da yawa dokarsu ta ce sai an ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi wata ɗaya, kafin a shiga kotu. Ka lissafa ka ga abin da ya rage maka. A duba kuma ko dokar ta tanadi wurin ɗaukaka koke a cikin gida, don alƙali na iya mayar da kai can.

A makon nan lauyanka ya rubuta musu, ya nemi rahoton awo da bayanin zaman kwamiti, ya tambaye su ƙarara ko an duba yarjejeniyar filin. Duk amsar da suka bayar riba ce. Sannan a nemi izinin babbar kotu, da takardar rantsuwa da aka liƙa wa wasiƙar ƙin, kwafinka mai hatimi da koken. Abin da za a roƙa umarni biyu ne: satiyorari, wanda ke soke hukuncin, da mandamus, wanda ke tilasta musu su sake zama su duba bisa doka.

Ka lura da kalmar, su sake dubawa. Idan ka ci, fayil ɗinka zai koma teburin da ya fito. Suna iya zuwa su auna filin, su cire maganar ribar makarantu, su rubuta da kyau cewa hayar shekara biyar ba ta gamsar da su ba, su sake cewa a'a. A wannan karon ba inda za ka kama.

Malam Sani: Ikon Allah. Wato in kashe kuɗin lauya, in yi shekara ina zarya, don a sake ƙi na da turanci mai kyau?

Alhaji Bala: Yana faruwa. Amma na ga inda wasiƙar lauya kaɗai ta sa oga ya kira fayil ya ce a sake zuwa awo, don ba mai son a karanta jan bironsa a kotu. Ni da ni ne, zan aika sanarwar don agogo, a lokaci guda in je wurin mai filin in nemi ya mayar da hayar shekara 15, a yi mata rajista. Ka toshe ramin kafin su gano shi.

Maman Ummi: Kuma ka je ka zauna da makwabtanka. Cikin 140 ɗin nan akwai masu tsoron toshe ƙofa da gaske, ba duka ne masu maganar asali ba.

Malam Sani: Zan je, Hajiya. Mai filin dai yana Umara, sai ran 12 zai dawo. Barista, in turo miki hoton wasiƙar ta akwatin sirri, ko sai na samo dokar tukuna?

Barista Hadiza: Turo yanzu, gaba da baya, har ambulan idan akwai kwanan wata a kansa. Dokar ni zan nemo.